Fom Ya Cika a Wayar Uwa, Ya Isa Ofis Wayam

Idan lokacin ɗaukar sababbin ɗalibai ya ƙarato, tun daga ƙarshen zango na uku har zuwa watan Satumba da ake komawa karatu, akwai wani ɗan gajeren saƙo da ke faɗowa wayoyin iyaye daga ofishin makaranta. Ba ya wuce layi bakwai ko takwas, kuma yana zuwa ne maƙale da fayil ɗin da sunansa ya ƙare da baƙaƙe uku, PDF. A da uba kan taka da ƙafarsa ya sayi fom a hannun akawu, ya zauna a benci ya cike da biro, ya manna fasfon yaro da gam, ya miƙa ya kama gabansa. Yanzu makarantu da dama a Kano da Kaduna da Jos da Abuja, musamman masu zaman kansu, sun mayar da wannan hidima cikin waya.

Kalmomin sanarwar kan bambanta daga wannan makaranta zuwa waccan, amma ƙashin bayanta ɗaya ne. A ce makarantar sakandare ce ke neman 'yan aji ɗaya. Za ta ce a sauke fom ɗin a buɗe shi da Adobe Acrobat Reader, a cike da manyan baƙaƙe, a rubuta suna da ranar haihuwa yadda suke a takardar haihuwa, sannan a sa hannu a shafin ƙarshe. Za ta ƙara da cewa a haɗa da fasfo da takardar haihuwa da sakamakon aji shida da rasit, a mayar da komai fayil ɗaya wanda bai wuce 2 MB ba, a sa masa sunan yaro, a turo ta imel ko ta lambar ofis kafin ranar kaza. Wanda ya karanta a gurguje sai ya ɗauka iyayi ne kawai irin na ma'aikatan ofis. Amma kusan kowane layi a ciki akwai wata wahalar da ta haife shi, wahalar da akawu ya sha a shekarun baya har ya ga gara ya rubuta a kan takarda.

Babbar cikinsu ita ce wadda iyaye suka fi musantawa: a cike fom tsaf, a aika, ya isa ofis babu ko ɗigo a cikinsa.

Bari a ɗauki misali guda a bi shi har ƙarshe. A ce wata uwa ce ke nema wa 'yarta gurbi a aji ɗaya na ƙaramar sakandare. Sanarwa ta shigo mata ta WhatsApp, ta taɓa fayil ɗin, wayar ta buɗe shi da duk manhajar da ta tarar a kusa. Akwatunan suka karɓi rubutu, ta cike shafi huɗu bayan sallar isha'i, ta danna alamar komawa baya, ta koma WhatsApp ta tura wa ofis fayil ɗin da ta gani a can. Washegari akawu ya kira: Hajiya, fom ɗin nan fa babu komai a ciki. Ita kuwa ta rantse da idonta ta ga sunan 'yarta a jiki. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu.

Dalilin yana cikin yadda aka gina PDF tun asali. Kamfanin Adobe na Amurka ne ya fito da shi a 1993, bisa wani tunani da ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin, John Warnock, ya rubuta a farkon shekarun 1990: a samu takardar da za ta fito iri ɗaya a kowace na'ura, komai bambancin kwamfuta ko firinta. Wato an yi shi ne domin ya ƙi canzawa. Damar cike akwatuna daga baya aka ƙara ta, a matsayin wani sashe na daban da ke zaune a saman shafin. Kamar a ce an ɗora farar leda mai shara-shara a kan fom na takarda, ana rubuta amsoshi a jikin ledar. Muddin ledar na nan, kowa zai ga fom a cike. Idan aka zare ta, takardar na nan fes yadda aka buga ta.

Hanyoyi biyu ne suka fi jawo fom ya tafi ba tare da amsoshinsa ba. Ta farko ita ce ta wannan uwa: ta cike amma ba ta danna Save ba, ko kuma manhajar ta adana cikakken a wani wuri cikin wayar, ita kuma ta tura na asalin da ke cikin hirar WhatsApp, wanda ba a taɓa komai a jikinsa ba. Masu cikewa a kwamfuta cikin Chrome su ma suna faɗawa irin wannan ramin, domin idan aka danna alamar saukewa bayan an yi rubutu, Chrome kan ba da zaɓi biyu, With your changes da Without your changes. Wanda ya danna na biyu ya sauke fom ɗin da ba a cike ba.

Hanya ta biyu ta fi rikitarwa. Tun 2008 PDF ya zama ma'aunin da hukumar ISO ke kula da shi, kowa na iya ƙera manhajar buɗe shi, kuma ba duka ke aiki iri ɗaya ba. Kowane akwati yana ajiye abu biyu: amsar da aka rubuta, da kuma zanen yadda amsar za ta bayyana a fuskar shafi. Wasu manhajoji sukan ajiye amsar su ƙi yin zanen. Sai fayil ya isa ofis, akawu ya buɗe ya ga akwatuna wayam, ya buga a firinta takarda ta fito wayam. Alamar wannan matsala a bayyane take ga wanda ya san ta: idan aka danna cikin akwati da linzamin kwamfuta sai rubutun ya leƙo, idan aka matsa zuwa wani akwatin sai ya sake ɓacewa. Akawun da ke da fom ɗari biyu a gabansa ba zai tsaya danna akwatuna ɗai-ɗai ba. Wannan ne ya sa sanarwar ke kama sunan Adobe Acrobat Reader ƙarara. Ba talla ofis ke yi wa kamfanin ba. Ita ce manhajar da ke kwamfutarsu, kyauta ake sauke ta, kuma abin da ta rubuta shi za ta karanta.

Gwajin da ke raba gardama ba ya cin minti biyu. Bayan an cike an adana, a rufe manhajar gaba ɗaya, a shiga ma'ajiyar fayiloli ta wayar a nemo fayil ɗin da ke ɗauke da lokacin da aka gama aikin, a tura shi zuwa wayar maigida ko ta babban ɗa, a buɗe a can. Idan rubutun ya fito a waya ta biyu, to da wuya ya ƙi fitowa a ofis. Idan bai fito ba, gara a gano a tsakar gida da a gano bayan an rufe karɓa.

Akwai kuma dabarar da ke manne amsoshin a jikin shafin har abada. A wayar Android ana zaɓar Print, a wurin zaɓen firinta kuma a ɗauki Save as PDF. Sabon fayil ɗin da zai fito ba shi da akwatuna masu rai. Rubutun ya zama ɓangaren takardar, kowace manhaja za ta nuna shi. Sai dai dabarar tana da iyaka biyu. Ba a iya gyara kuskure a cikin sabon fayil, don haka a riƙe na farkon. Sannan akwai ofisoshin da ke kwashe amsoshi kai tsaye daga akwatunan zuwa rajistar kwamfutarsu, ba tare da wani ya sake buga su da hannu ba, kuma fom ɗin da aka manne ba ya yi musu amfani. Idan sanarwar ta hana yin haka, to wannan ne dalili.

Ba kowane PDF ne ma ke da akwatunan cikewa ba, kuma nan ne wasu ofisoshi ke jefa iyaye cikin wahalar da ba laifinsu ba. Sau tari sakatare kan ɗauki tsohon fom na takarda ya yi masa sikanin, ya tura a matsayin PDF. Wannan hoto ne kawai sanye da rigar fayil. Ana gane shi cikin sauƙi: a Acrobat Reader akwatuna masu rai kan fito da launin shuɗi-shuɗi, kuma da an taɓa su allon rubutu ke tasowa, a fom ɗin hoto kuwa ko sau goma aka taɓa layi babu abin da zai motsa. Mafita ita ce ko dai a yi amfani da Fill & Sign, wanda ke ba mutum damar ɗora rubutu a duk inda ya taɓa, ko kuma a je shagon buga takardu a fitar da shi a takardar A4, a cike da biro baƙi ko shuɗi, a sake mayar da shi cikin waya. Jifa-jifa kuma akan ci karo da fom ɗin da idan aka buɗe shi a waya ba ya nuna komai sai shafi ɗaya da ya fara da Please wait... Wannan wani tsohon salon fom ne na Adobe da ba ya buɗuwa sai a manhajarsu ta kwamfuta. Masu neman bizar Kanada sun san shi sarai. Jira ba ya maganinsa, sai an nemi kwamfuta.

Idan an shawo kan fayil, sai a zo ga layin da ya fi kowanne nauyi a sanarwar, duk da cewa shi aka fi karantawa a tsaitsaye: a rubuta suna yadda yake a takardar haihuwa.

Fom ɗin yana da akwatuna uku, Surname da First Name da Middle Name, kuma an tsara su ne bisa al'adar mutanen da ke da sunan dangi guda da ake gada daga kaka zuwa jika. Bahaushe ba haka yake kiran kansa ba. Sunan yanka ne, sai na uba, wani lokaci sai na kaka ko na gari ko na unguwa. Don haka gida ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya, sai a tarar yaya yana amsa sunan uba a akwatin farko, ƙane yana amsa na kaka, autarsu kuma an rubuta mata sunan garinsu, ya danganta da wanda ya kai kowannensu makaranta ranar farko.

A koma ga misalin uwar nan. A ce a takardar haihuwa da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta bayar an rubuta sunan yarinyar Aisha, na mahaifinta Musa Abdullahi. A katin sakamakon firamare kuma malamin aji ya saba rubuta Aishatu Musa. A gida Ummi ake ce mata, saboda sunan kakarta ta ci. Uwar ta zo akwatin Surname, wanda a fom ɗin nan shi ne na farko a jere, sai hannunta ya tafi ga abin da ya saba, ta rubuta AISHA. Daga wannan daren, a rajistar makaranta, sunan yankan yarinyar ya zama sunan dangi. Babu wanda zai lura a zangon farko, domin malamai da baki suke kiran suna. Abin zai fito ne bayan shekara uku, lokacin rajistar jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, ko bayan shekara shida, lokacin WAEC da NECO, domin daga rajistar nan makaranta ke kwafe sunayen da take turawa.

A nan ne ƙaramin kuskure ke girma. Tun 2021 hukumar JAMB ba ta yi wa ɗalibi rajista sai da lambar NIN mai alƙaluma 11, kuma suna da ranar haihuwa daga rumbun hukumar NIMC take ɗauko su. Idan NIN ta ce Abdullahi Aisha Musa, sakamakon sakandare kuma ya ce Aisha Musa kawai, to ranar tantancewa a jami'a ana iya tsayar da yarinya a ce ta kawo hujjar cewa mutum ɗaya ce. Daga nan sai zaryar kotu domin takardar rantsuwa, wani lokaci da buga sanarwa a jarida, da biyan kuɗin gyara, da jiran watanni. Duk wanda ya taɓa zama a layin gyaran suna ya san yawancin mutanen da ke wurin ba su canza suna ba. Bambancin Muhammad da Mohammed da Muhammed ne ya kai su, ko Abdullahi da Abdullah, ko Zainab da Zainabu.

Abin da ya kamata uwar ta yi shi ne ta shimfiɗa takardu uku a gabanta kafin ta taɓa waya: takardar haihuwa, takardar NIN idan an yi wa yarinyar, da sakamakon firamare. Idan suka yi daidai, sai ta kwafe harafi bayan harafi, ko da ita a ranta ta fi son wani rubutun. Idan suka saɓa, takardar haihuwa da NIN su ne abin bi, katin firamare shi ne mai sauƙin gyarawa, kuma yanzu ne lokacin, yarinya tana da shekara 11, ba ranar da take tsaye a ofishin rajistara ba. Sunan gida irin su Ummi da Abba da Walida da Khalifa ba shi da gurbi a fom sai idan shi ne a takarda.

Akwai wani tarko da ya keɓanta da masu rubuta Hausa da kyau. Allon rubutu na waya yana ba da baƙaƙe masu lanƙwasa, kuma wanda ya yi karatun Hausa zai so ya rubuta Ɗahiru ko Ɗanladi ko Ƙasimu yadda ya dace. Amma salon baƙaƙen da aka fi saka wa akwatunan fom, irin su Helvetica, an tanade shi ne da baƙaƙen harsunan Yammacin Turai, babu ɗ babu ƙ babu ɓ a ciki. Sakamakon shi ne harafin ya koma alamar tambaya, ko ɗan akwati, ko ya ɓace ɗungurungum, Ɗahiru ya isa ofis a matsayin ahiru. Abin takaici ne ga mai kishin harshe, amma tunda takardun hukuma ma galibi babu lanƙwasa suke rubutawa, bin abin da ke takardar haihuwa ya warware wannan ma.

Ranar haihuwa ita ma tana da nata. A ce an haifi yarinyar ranar 3 ga Afrilu 2014. A Nijeriya rana ake farawa da ita, don haka 03/04/2014 ne. Amma idan an ƙera fom ɗin da manhajar da aka saita bisa tsarin Amurka, wata ne ke gaba, kuma waɗannan alƙaluma za su koma 4 ga Maris. A duba ƙananan baƙaƙen da ke kusa da akwatin: DD/MM/YYYY na nufin rana ce farko, MM/DD/YYYY kuma wata. Wanda aka haifa bayan 12 ga wata ya tsira, domin babu wata na 13, akwatin kan ƙi karɓa ko akawu ya gane. Wanda aka haifa daga 1 zuwa 12 ga wata kuwa kuskurensa kan wuce shiru, kuma shi ne mai haɗari. Game da iyayen da ke ƙara wa yaro shekara ko su rage domin ya shiga aji da wuri, fom ba zai kama su a yau ba, amma ranar da aka haɗa shi da NIN za a ga bambancin.

Shafin lafiya ba wurin kunya ba ne. Idan yaro yana da sikila ko asma ko farfaɗiya, ko akwai maganin da jikinsa ba ya so, a rubuta. Idan ba a taɓa gwada rukunin jininsa ba, a kai shi a gwada, kada a rubuta AA don maƙwabciya ta ce haka ake rubutawa. A makarantar kwana wannan shafin ne malamar jinya ke buɗewa da tsakar dare.

Sa hannu shi ne aikin ƙarshe, kuma da dalili. A Acrobat Reader, da zarar an ɗora sa hannu ta Fill & Sign aka adana, akwatunan kan kulle. Wanda ya fara da sa hannu sannan ya tuna bai rubuta lambar wayar kawu ba, sai ya sake daga farko. Shi ya sa yana da kyau a ajiye kwafin fom ɗin da ba a taɓa ba. Uban da dangwale yake yi da babban yatsa kuwa babu makawa sai an buga shafin a takarda.

Sai batun 2 MB, wanda ke sa iyaye da yawa ɗaga hannu. Lissafinsa ba shi da wuya. Hoto ɗaya daga kyamarar waya ta yau da kullum kan kai 3 MB ko fiye. Uwar nan, idan ta zaɓi bugawa a takarda, tana da shafi huɗu na fom, da takardar haihuwa, da sakamako, da rasit: takarda bakwai, wajen 21 MB ke nan, ninki goma na abin da aka yarje mata. Gmail ma ba ya ɗaukar abin da ya wuce 25 MB. Idan an haura sai ya mayar da fayil ɗin mahaɗin Google Drive, wanda sau da yawa akawu ke dannawa a ce masa ba shi da izinin buɗewa. Ofishin da ke karɓar fom ɗari uku kuma yana sauke su ne da datar da ake saye da kuɗin makaranta.

Magani shi ne a bar kyamara a yi amfani da sikanin. Manhajar Google Drive da ke kusan kowace wayar Android tana da shi, Notes na iPhone ma haka, ga kuma Adobe Scan. Bambancinsu da ɗaukar hoto shi ne suna gano gefunan takarda su yanke tabarma da yatsan mai riƙewa, su miƙar da shafin da ya karkace, kuma su jera shafuka da yawa cikin PDF ɗaya. Idan aka zaɓi fari da baƙi maimakon launi, shafi ɗaya kan sauko zuwa kilobayit ɗari biyu ko uku, bakwai ɗin su tsaya a wajejen iyakar da aka bayar. A shimfiɗa takardar a kan abu mai duhu, kusa da taga ko a inuwar tsakar gida da rana, a kashe fitilar kyamara, domin takardar haihuwa da aka yi wa rufin roba tana mayar da haske daidai kan suna. Bayan an gama a buɗa shafin da yatsu biyu a duba ƙananan rubutu: lambar takardar haihuwa, da lambar rasit, ko lambar RRR mai alƙaluma 12 idan makarantar gwamnatin tarayya ce da ake biya ta Remita. Idan waɗannan sun karantu, sauran ma sun karantu. Fasfo shi kaɗai ne ya kamata ya zauna da launinsa.

Wanda zai tura ta WhatsApp ya kula da ƙofar da ya bi. Idan aka ɗauko hoto ta Gallery, WhatsApp kan matse shi, ƙananan alƙaluma su dushe. Idan aka bi ta Document, fayil ɗin kan isa yadda yake, da sunansa.

Sunan nan kuwa ba ado ba ne. Kowane uba ya sauke fayil mai suna ɗaya, a ce Admission Form.pdf, kuma idan kowa ya mayar da shi da wannan sunan, kwamfutar ofis za ta jera su da (1) da (2) har zuwa (200), ko wani ya hau kan wani ya shafe shi. Ranar da uwar ta kira tana tambaya ko an ga na 'yarta, sai akawu ya buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Dannawa ɗaya ce mai tsawo a kan fayil, a zaɓi Rename, a rubuta abu irin wannan:

```
Abdullahi_Aisha_JSS1.pdf
```

Abin da ke cikin wannan ɗan fayil ya cancanci a tsaya a kansa kaɗan. Akwai cikakken sunan yarinya da hotonta da ranar haihuwarta da adireshin gida da lambobin iyaye da lafiyar jikinta. Duk da haka ba a rasa wanda zai jefa shi cikin zauren WhatsApp na iyaye mai mutum ɗari da hamsin, saboda a can ya ga sanarwar. Wasu kuma sukan ɗora shi a shafukan intanet da ke rage nauyin PDF kyauta, ba tare da sun san fayil ɗin yana tafiya ne zuwa na'urar wani kamfani a wata ƙasa ba. Wanda ya cike a shagon kwamfuta ya tsaya a kan yaron shago har ya goge, domin kwamfutocin irin waɗannan shaguna cike suke da takardun mutane. Nijeriya ta yi dokar kare bayanan jama'a a 2023, kuma ta ɗora wa duk mai karɓar irin waɗannan bayanai, har da makarantu, nauyin tsare su. Amma doka ba ta iya dawo da abin da uba ya watsa da hannunsa. Haka nan idan sanarwa ta zo daga baƙuwar lamba, tana cewa a biya kuɗin fom cikin asusun da ke ɗauke da sunan wani mutum ba na makaranta ba, a kira lambar da ke jikin allon makarantar kafin a tura ko sisi.

Ofisoshin ma suna da nasu rabon laifin, kuma adalci ne a faɗa. Sanarwa da yawa da Turanci zalla ake rubuta su, a garin da mafi yawan iyaye Hausa suke karantawa cikin natsuwa. Sukan ce a cike fom ba tare da wani ya gwada shi a ƙaramar waya ba, alhali da ita kusan kowa zai cike. Sukan yi akwatin adireshi gajere, wanda ba zai ɗauki kwatance irin na unguwanninmu ba, inda sai an ambaci masallaci da gidan mai da layin mai unguwa. Sukan ce Juma'a ce ranar rufewa su ƙi faɗin ƙarfe nawa, ga shi ofisoshi da dama tun kafin a tafi masallaci suke kullewa. Mafi muni, ba sa faɗin yadda uba zai san saƙonsa ya isa. Sanarwar da ta amsa sunanta kan ce za a aiko da amsa cikin kwana biyu na aiki, kuma ta bar ƙofa a buɗe ga wanda ya fi son ya kawo takarda da hannunsa.

Inda sanarwar ta yi shiru a kan wannan, aikin ya koma wuyan iyaye. Alamar shuɗi biyu a WhatsApp tana nuna an buɗe hirar ne kawai, ba ta nuna an sauke fayil an shigar da yaro rajista ba. A imel kuwa a leƙa Sent a tabbatar saƙon ya fita da fayil a maƙale, domin idan data ta yanke yakan maƙale a Outbox kwana da kwanaki, adireshin da aka kuskure harafi ɗaya a ciki kuma kan dawo da saƙon gazawa da Turanci wanda ba kowa ke buɗewa ba. Uwar da ta tura ranar Litinin, ta ji shiru har Laraba, tana da sauran kwana biyu ta kira ofis ta ce, Malam, don Allah a duba mini na Abdullahi Aisha, aji ɗaya, a karanto mini abin da ke akwatin Surname da ranar haihuwa.